Fentin ruwa ko fentin mai: neman shawara kan bango, silin da get a Agege

Malam Nasiru: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar fenti. Na gina ɗaki biyu da falo a Agege, an gama filasta makonni uku da suka wuce, silin kuma na fi-o-fi ne, wato farin garin nan da ake kwaɓawa a yi silin da shi, sannan mai walda ya kafa mini get ɗin ƙarfe wata guda ke nan. Mai fentin da aka kawo mini ya ce in sayi fentin mai, wato gulos, a shafe bangon ciki gaba ɗaya da shi saboda ina da yara ƙanana kuma ana iya wanke shi da ruwa da sabulu, abin da ya rage kuma a shafa wa get ɗin. Wani maƙwabcina ya ce kada in yarda, imolshan, wato fentin ruwa, ake sa wa cikin gida. Ina so in ɗauko iyalina daga Kano da wuri, ba na kuma son in kashe kuɗi sau biyu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne get ɗin ya riga ya fara yin ja-ja a wuraren da aka yi walda.

Alhaji Bala: Wa alaikumus salam, Malam Nasiru, Allah ya sanya alheri. Maganar mai fentinka ba ta rasa tushe ba. Duk wanda ya yi makarantar firamare ko ya kwanta asibiti a Arewa ya san yadda ake yi, ana shafa fentin mai daga ƙasa zuwa daidai kafaɗa, a sa fentin ruwa daga nan zuwa sama. Gidana na Katsina haka na yi masa, shekara da shekaru ke nan bai yi komai ba, in yara sun ɓata a sa tsumma a goge. A nan Legas ma ina ganin ya fi dacewa, domin ƙasan bango ne ke jan danshi, fentin mai kuwa ruwa ba ya ratsa shi, sai ya tare danshin kada ya shigo ɗaki.

Usman Mai Fenti: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kun yi gaskiya a rabin farko, amma ina neman izini in saɓa muku a rabi na biyu, domin na yi shekaru ina wannan aiki daga Idi-Araba zuwa Ojo, kuma abin da na fi yawan gyarawa shi ne bangon da aka yi wa abin da kuka faɗa. Gaskiya ne ruwa ba ya ratsa fentin mai, to amma ruwan da ke damunmu a Legas ba daga cikin ɗaki yake zuwa ya shiga bango ba, daga cikin bangon yake neman hanyar fita. A Katsina bango yana samun watanni da yawa na rani ya bushe ƙurmus, shi ya sa fentinku ya zauna lafiya. A nan ruwan ƙasa yana kusa, iska kullum da laima, bulo yana tsotsar ruwa daga tushe. In aka rufe fuskar irin wannan bango da fentin mai, danshin zai taru a bayansa ya tura shi, sai ka ga ya yi bororo kamar ƙuna, in ka fasa ka sami ruwa ko farin gari a ciki, daga baya ya riƙa saluɓewa falle-falle. Imolshan kuwa yana barin tururin ruwa ya bi ta cikinsa ya fita sannu a hankali.

Ga Malam Nasiru akwai matsala ta biyu wadda ta fi wannan gaggawa. Sabon siminti yana da kaifi irin na sodar da ake yin sabulu da ita. Kowa ya san abin da ke faruwa in soda ta haɗu da mai, sabulu ake samu. Haka yake faruwa a bayan fentin mai in an shafa shi a kan ɗanyen filasta: fentin ya yi laushi, ya riƙa danƙo a hannu, launinsa ya yi dabbare-dabbare, ya ƙi kama bangon. Filastar mako uku, a tsakiyar damina kuma, ko imolshan ban so a sa mata yanzu ba, balle gulos.

Alhaji Bala: To Usman, na ji bayaninka, kuma ban yi tunanin bambancin ƙasa ba. Amma shagona na Mile 12 fentin mai ne a ƙasan bangonsa, shekara huɗu ke nan, ban ga bororo ba. Me za ka ce a kan wannan?

Usman Mai Fenti: Zai yiwu ƙwarai, Alhaji. In tsohon gini ne wanda simintinsa ya daɗe da hucewa, kuma an shimfiɗa ledar tare danshi a tushensa, ko kuma shagon a bene yake, fentin mai zai zauna. Ban ce ba a taɓa sa shi a bango ba, sharaɗinsa busasshen bango ne wanda aka fara shafa wa firaima, wato shafin farko na share fage, mai jure kaifin siminti. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauke shi a matsayin maganin danshi, domin ɓoye cutar yake yi na ɗan lokaci, wani lokaci ma danshin sai ya haura ya ɓullo a saman inda fentin man ya tsaya.

Malam Nasiru: Na gode, Malam Usman. To ta yaya zan gane bangon ya bushe? Da ido ina ganin kamar ya yi fari ya bushe, in ban da gefe ɗaya na ɗakin baya.

Usman Mai Fenti: Ido yana ruɗi, domin fuskar filasta tana bushewa tun cikinta yana jiƙe. Mafi ƙarancin abin da muke jira shi ne kwana 28, a damina irin wannan kuma gara ka ba shi mako shida, kana buɗe tagogi da ƙofofi kullum. Akwai gwaji mai sauƙi da za ka yi da kanka. Ka yanko leda mai haske kamar kamu biyu tsawo da faɗi, ka manna ta a bango da salatif ta ko'ina yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta kwana ɗaya cur. In ka ɗaga ka ga gumi a cikin ledar, ko wurin ya fi sauran bangon duhu, to da saura. Ka yi gwajin a wuri uku ko huɗu, musamman ƙasa kusa da daɓe, da bangon da ya haɗa da banɗaki, da wannan gefen na ɗakin baya da ka ambata. In ko'ina ya bushe amma wuri ɗaya ya ƙi, wannan ba ruwan filasta ba ne, akwai abin da ke jiƙa shi, ko bututu ne ke yoyo, ko ruwan kwano ne ke dukan bangon ta waje, ko kwata ce ta bi ta gindinsa. Wannan sai an gyara tukuna, babu fentin da zai yi maganinsa. In kuma ka ga farin gari kamar gishiri yana fitowa a jikin filastar, ka share shi da busasshen buroshi, kada ka wanke da ruwa, domin ruwan narkar da shi zai yi ya mayar da shi ciki.

Hajiya Rabi: Ni dai ina so in yi magana a madadin wadda za ta zauna a gidan, domin mu mata mu ne muke fama da bango. Lokacin da muka tare a Obalende, fentin ruwa mai araha aka sa mana, irin wanda in ka jingina sai rigarka ta yi fari. Yara suka yi zane da biro, hannun manja ya hau ko'ina, na sa jiƙaƙƙen tsumma in goge sai fentin ya biyo tsumman, wurin ya zama tabo wanda ya fi dattin muni. Cikin wata shida falon ya koma kamar an yi shekara goma. Saboda haka in an ce wa Malam Nasiru ya bar gulos, a gaya masa abin da matarsa za ta yi da dattin yara, kada a bar ta da bangon da ba ya taɓuwa.

Usman Mai Fenti: Hajiya, ƙorafinku gaskiya ne, kuma shi ne ainihin abin da ya sa mutane suke gudu zuwa gulos. Sai dai imolshan iri-iri ne. Wanda aka sa muku alli ya yi masa yawa, sinadarin da ke riƙe shi ya yi kaɗan, sau da yawa kuma mai fenti yakan ƙara masa ruwa fiye da ƙima don bokiti ɗaya ya yi aikin biyu. Akwai wanda muke kira satin, wasu kamfanoni suna kiran nasu silik. Shi ma da ruwa ake sirka shi, ba shi da warin tina, wato ruwan da ake sirka fentin mai da shi, yana da ɗan sheƙi kaɗan, kuma in ya samu kamar mako biyu zuwa wata guda ya gama ƙarfi ana goge shi da tsumma mai laushi da ruwan sabulu. Shi nake ba masu yara shawara su sa a falo da baranda. Aibinsa biyu ne: ya fi tsada, kuma sheƙinsa yana tona asirin bango, duk wani tudu da kwari na filasta zai fito fili in haske ya buga. Don haka ne ake yin sikiridin, wato shafa wa bango siririn kwaɓi mai laushi don ya daidaita, kafin a sa shi, a goge da samfefa har bangon ya yi sumul. In kuɗi bai kai ba, ɗakunan kwana a sa musu imolshan marar sheƙi amma mai kyau, a ajiye ragowa a galan a rufe sosai, duk inda ya ɓaci a bi da rola. Wannan ma wata fa'ida ce da gulos ba shi da ita, domin facinsa ba ya ɓoyuwa.

Garba: Salamu alaikum. Ni shawarata a sa teksikot kawai, wato fentin nan mai kaushi kamar yashi, a huta. Shi na sa a gidan da nake kula da shi a Ikorodu, ruwan sama yana dukansa shekara biyar bai motsa ba.

Malam Nasiru: Malam Garba, na gode, amma bangon cikin ɗaki nake tambaya, na waje sai bayan damina in Allah ya kai mu.

Garba: Afuwan, ban karanta daga farko ba. A ciki kam bai dace ba, ƙura yake riƙewa kuma yana kurje fatar yara.

Malam Nasiru: Malam Usman, saura silin, da kuma yawan da zan saya. Kowane ɗaki ƙafa 12 ne ta kowane ɓangare, tsayin bango kuma mita 3.

Usman Mai Fenti: Silin babu jayayya a kansa, farin imolshan marar sheƙi ake sa masa. Babu hannun da ke kai wa can balle a ce za a wanke, kuma in aka sa mai sheƙi, hasken ƙwan lantarki zai nuna duk inda aka haɗa fi-o-fi da duk sawun rola. Ban da haka, farin fentin mai yana komawa ruwan ɗorawa a wurin da rana ba ta shiga sosai. Shi ma fi-o-fi a bari ya bushe, kuma shafi na farko a tsinka shi da ruwa domin yana shan fenti sosai.

Ga lissafin ɗaki ɗaya. Ƙafa 12 kusan mita 3.6 ce. Bango huɗu sun ba ka mita 14.4 a kewaye, ka ninka da tsayi 3, ka sami murabba'in mita 43 da ɗoriya. Ka cire ƙofa da taga, kamar 4, saura 39, mu ce 40. Lita ɗaya ta fenti mai kyau tana shafe kamar murabba'in mita 10 a shafi ɗaya a kan bango mai sumul, shafi biyu kuma ake yi, saboda haka kana buƙatar lita 8, wato galan biyu masu lita 4. Silin ɗin ɗakin murabba'in mita 13 ne, shafi biyu zai ci kusan lita 3. Wannan ban da shafin farko na share fage, wanda sabon bango yake sha fiye da sauran. Don ɗakunan kwana biyu, bokiti ɗaya mai lita 20 zai yi maka shafi biyun nan har ka sami ragowar faci. Falo ka auna shi ta wannan hanya. Ka duba jikin bokitin ka ga adadin ruwan da suka yarda a ƙara, ka tsaya a wurin lokacin da ake sirkawa. Tsakanin shafi da shafi a ba da awa uku ko huɗu, ranar da aka wuni ana ruwa kuma a ƙara.

Ɗanjuma Mai Walda: Ku ba ni dama in shigo kan maganar get, domin ita ce ta fi gaggawa, bango zai iya jira amma ƙarfe ba ya jira a garin nan. Iskar Legas tana ɗauke da gishirin teku, waɗanda ke Apapa da Lekki da Ajah sun fi kowa sani, amma Agege ma ba ta tsira ba saboda yawan laima. Imolshan ba shi da wuri a jikin get ko kaɗan, ruwa ne a cikinsa, tsatsa za ta huda shi tun bai gama bushewa ba. Gulos ne nasa. Amma abin da mai fentinka ya ce, a shafa ragowar gulos kai tsaye, shi ne kuskuren da ya fi yawa. Gulos ado ne da rigar ruwa, wanda ke yaƙi da tsatsa shi ne jan firaima da ake sawa a ƙarƙashinsa, wanda a kasuwa ake kira red oksaid, ko kuma mai ruwan toka mai sinadarin zink.

Wuraren walda ne suka fara ja saboda wuta ta ƙone duk abin da ke kare ƙarfen a nan, kuma ɓawon walda yana riƙe ruwa. A fara ƙwanƙwashe ɓawon da guduma, a bi da buroshin waya, sannan samfefa, har sai ƙarfen ya nuna haskensa. A goge da tsumma da tina don cire maiƙo da ƙura. A ranar da aka kankare, a ranar za a shafa firaima, domin in ya kwana tsirara raɓa za ta sauka, da safe ka tarar da sabuwar tsatsa. Wuraren walda da kusurwoyi da bakin ƙarfe a fara bi da ƙaramin buroshi kafin a shafe gaba ɗaya, saboda a nan fenti yake yin siriri. Kada a manta ƙasan get ɗin, inda ido ba ya gani kuma ruwan kwata yake fantsama, daga nan yawancin get suke fara ruɓewa. In fayif ɗin firam ɗin a buɗe yake ta sama, mai walda ya toshe shi, ya kuma huda ƙaramin rami a ƙasa don ruwan da ya shiga ya sami mafita.

Usman Mai Fenti: Malam Ɗanjuma ya gama magana. Abin da zan ƙara shi ne haƙuri wajen bushewa. Gulos yana ɗaukar awa shida zuwa takwas kafin ya daina kama hannu, shafi na biyu kuma sai washegari. A yi shafi biyu marasa kauri. In aka lafta shi da kauri don a gama da wuri, zai zubo kamar hawaye, samansa ya bushe ya tattare, cikinsa kuma ya zauna ɗanye. A fara da hantsi bayan raɓa ta ɗauke, a daina tun la'asar, kuma kada a shafa a kan ƙarfen da rana ta gasa har ba ya taɓuwa. Get mai faɗin ƙafa 12 da tsayin ƙafa 8, gaba da baya kusan murabba'in mita 18 ne, lita 2 na firaima da galan ɗaya na gulos za su isa. Da tina za a sirka, ba da kananzir ba.

Ɗanjuma Mai Walda: A nan kam ban bi ka gaba ɗaya ba, Usman. Mun daɗe muna sa kananzir kaɗan in tina ta yi wuya, kuma aikin yana fita. Fetur ne nake hana yarana, saboda haɗarin wuta da kuma yadda yake kashe sheƙi.

Usman Mai Fenti: Yana fita a bitarku inda akwai rumfa kuma get zai iya kwana uku babu mai taɓa shi. Kananzir yana jinkirta bushewa, get ɗin Malam Nasiru kuwa a bakin titi yake, ƙura da yayyafi za su same shi yana ɗanye. Ni dai ban sa shi a aikin da zan karɓi kuɗi a kansa.

Ɗanjuma Mai Walda: To kowa da abin da hannunsa ya saba. Amma akwai tambayar da ta fi wannan. Malam Nasiru, falankin get ɗin baƙin ƙarfe ne, ko mai ruwan azurfa ne wanda ake kira galbanaiz? In galbanaiz ne, jan firaima da gulos na yau da kullum ba sa kama shi da kyau, bayan watanni za su riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Shi yana da nasa firaima na musamman, sai ka faɗa wa mai shago a fili cewa na galbanaiz kake nema.

Malam Nasiru: Na fita na duba yanzu. Firam ɗin baƙin ƙarfe ne, shi ne ma ya yi tsatsar, amma falankin yana da haske-haske da wasu zane kamar sawun ƙanƙara. Ban tabbata ba, zan kira wanda ya yi mini aikin in tambaye shi.

Ɗanjuma Mai Walda: Yadda ka kwatanta, ya yi kama da galbanaiz. In haka ne, firaima iri biyu za ka saya, kowanne kaɗan, kuma kada a kankare falankin da ƙarfi a cire masa rigarsa, a wanke maiƙon kawai.

Hajiya Rabi: Malam Usman, ba ka ce komai a kan kicin ba. Bangon da ke bayan murhu mai da hayaƙi yake sha kullum. Ni a wurina can kam gulos ya fi, na gwada satin bai jure gugar da nake yi masa ba.

Usman Mai Fenti: Ba zan yi muku musu ba, Hajiya, wajen jure guga gulos yana gaba. Ni na fi son a sa tayil a bayan murhu da wurin wanke-wanke, sauran bangon a sa satin, domin tururin girki yana kwanciya a kan gulos ya riƙa tsiyaya. Amma wanda bangonsa ya bushe sosai kuma ya sa firaima, in ya zaɓi gulos a kicin bai yi laifi ba. Ya dai sani cewa ranar da ya so komawa imolshan, sai an goge sheƙin da samfefa an sa shafin da zai riƙe, in ba haka ba sabon fentin zai zame. Ƙofofin katako da firam da ƙarafan taga kuwa duk na gulos ne, kuma a gama su kwanaki kafin yara su shigo, a bar tagogi a buɗe saboda warin.

Alhaji Bala: Ni har yanzu ina ganin barandar da yara ke wasa ta cancanci fentin mai a ƙasa, ko da bayan shekara ne in ginin ya huce.

Malam Nasiru: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na manna leda a wuri huɗu da yammacin nan, zan duba gobe. Get ɗin za mu fara kankare shi ranar Asabar in gari ya yi sarari, bangon kuma zan jira zuwa Agusta lokacin da ruwa yake ɗan tsagaitawa. Na gaya wa iyali su ƙara haƙuri.

Malam Nasiru: Na dawo da sakamako. Leda uku sun ɗan yi gumi kaɗan, amma ta ɗakin baya ruwa har yana gangarowa a cikinta. Na zagaya ta waje na ga ruwan kwanon maƙwabcina a gindin wannan bangon yake zuba. Malam Usman, in an gyara magudanar, kwana nawa zan ƙara kafin in sake gwadawa?

Usman Mai Fenti: Ka ba shi mako biyu bayan an kawar da ruwan, sannan ka sake manna ledar a wuri guda, da wata kuma sama da ita da kamu uku, mu ga ko danshin yana sauka ko yana nan inda yake. Ka turo hoton gindin bangon ta waje kafin a taɓa komai, ina so in ga ko an yi masa filasta har ƙasa.